Ranar da Abokin Shayinka Ya Zama Darektanka

  Ina gaida mutanen Ollelewa da Bakin Birji. Ina gaida na Tanut da Gangara da Belbeji, da duk inda muryar nan take kaiwa a ƙasar Damargu. Waɗanda ke gida da waɗanda ke bakin aiki, Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Yau maganarmu a kan wurin aiki take. Mutane suna aiki tare shekara da shekaru. Kwano ɗaya, butar shayi ɗaya. Sai wata rana takarda ta zo, an ɗaga ɗaya daga cikinsu. Ko kuma babba ya zo rangadi, ya yabi mutum ɗaya a gaban sauran. Daga ranar gaisuwa ta gajarce. Hira ta mutu idan ya shigo. Me ya faru? Kuma yaya za a yi zumunci ya tsira?

Wannan magana ta shafe mu a nan. Tun da aka buɗe matatar mai ta Soraz a ƙarshen 2011, a cikin ƙasar Ollelewa, aikin albashi ya ƙara matsowa kusa da gidajenmu. Ga makarantu, ga gidajen likita, ga ma'aikatar magajin gari, ga ƙungiyoyin manoma da na mata. Ko'ina akwai shugaba, kuma sau da yawa shugaban jiya abokin zama ne. Amma ni yau wuri ɗaya zan ɗauka, in tsaya a kansa: makarantar firamare ta ƙauye. Na zaɓe ta ne domin a can babu wurin ɓuya. Malamai kaɗan ne. Galibi baƙi ne a garin. Tare suke kwana, tare suke ci, tare suke jiran albashi. Wanda ke wani aikin dabam, ya saurara, zai ga nasa a ciki.

Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne wannan. Abin da za a raba, a raba shi a fili. Abin da za a gyara, a gyara shi a asirce. Zan sake faɗa a gaba, domin a kansa maganar take tafiya.

To, mu fara da tambaya. Me ya sa na kusa ne ya fi jin zafi?

Idan aka naɗa wani gwamna a Damagaram, malamin ƙauye ba ya rasa barci. Amma idan aka naɗa wanda suke kwana ɗaki ɗaya darekta, sai zuciya ta motsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Abraham Tesser, ya yi nazari a kan wannan. Ya nuna abu biyu ne ke haɗuwa. Na farko kusanci. Na biyu, a ce abin da aka yabi abokinka a kai shi ne abin da kai ma kake auna kanka da shi. Idan abokinka malami ya yi nasara a noma, kai da ba ka noma, murna za ka yi, har ka yi alfahari da shi. Amma idan a koyarwa aka fifita shi, kai ma kuwa malami ne, sai ka ji kamar an ce ba ka iya ba. Ba wanda ya faɗi haka. Zuciya ce ta ji haka.

Saboda haka, ɗan'uwa da aka ɗaga, kada ka yi mamaki. Wanda ya ɗan ja baya a makon farko ba maƙiyinka ba ne. Mutum ne da aka taɓa masa wuri mai ciwo. Ka ba shi lokaci.

Yanzu mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki.

Mu ce makaranta ce a wani ƙauye, nesa da kwaltar da ta tashi daga Damagaram zuwa Agadas. Malamai 4 ne. Aji biyu na gini, sauran na zana. Tsohon darekta an yi masa canjin wurin aiki. Cikin huɗun da suka rage akwai wani dattijon malami, ɗan kwantaragi, wanda ya fi kowa daɗewa a garin. Ya san kowane gida. Shi ya karɓi sauran ranar da suka zo, shi ya nema musu ɗaki. Akwai kuma matashi wanda ya riga ya samu lambar ma'aikacin gwamnati. Takarda ta zo daga ofishin insifekta. Matashin aka ba.

Ku lura da abin da ke cikin wannan. Kowa a ƙasar nan ya san bambancin da ke tsakanin ɗan kwantaragi da cikakken ma'aikaci. Aji ɗaya suke shiga, alli ɗaya suke riƙewa, amma abin da ke shiga aljihu ba ɗaya ba ne, kwanciyar hankali ma ba ɗaya ba. Malamai ba su manta jarrabawar da aka yi wa ƴan kwantaragi a 2017 ba, wadda ta raba da yawa da aikinsu. Don haka ciwon dattijon nan ya girmi wannan takarda. Matashin ba shi ya jawo shi ba, amma a gabansa ciwon zai fito.

Me ya kamata matashin ya fara yi? Ya riga labari isa. Kafin maganar ta bazu a waya, kafin mai gari ya ji, ya taka da ƙafarsa zuwa wurin dattijon. Ba a harabar makaranta ba. A gida, bayan sallar isha'i. Ya ce masa: "Yaya, ga takardar da ta zo. Na ce kai za ka fara ji daga bakina. Ka riga ni zuwa garin nan, ka fi ni sanin mutanensa. In ba da kai ba, ba zan iya ba." Kada ya ce bai so muƙamin ba, alhali ya so. Dattijon zai gane, kuma ƙaryar ta fi muƙamin ciwo. Kada kuma ya jira a yi masa murna a daren. Idan dattijon ya ce "Allah ya taya riƙo" ya yi shiru, to ya wadatar.

Wannan shi ne mataki na farko, kuma shi ne mai sauƙi. Mai wuyar yana gaba.

Jama'a, muƙamin kansa ba ya cika kashe zumunci. Rabo ne ke kashe shi. Darektan ƙauye ba shi da dukiya, amma akwai ƙananan abubuwa a hannunsa, kuma a ƙauye ƙaramin abu babba ne. Wa zai ɗauki ajin gini, wa zai zauna a na zana lokacin hunturu? Wa zai riƙe ƴan aji ɗaya, masu yawa, waɗanda ba su taɓa riƙe alli ba? Wa za a ba izinin tafiya Tanut ko Damagaram karɓar kuɗi, wa zai tsaya ya riƙe yara? Sannan babbar magana: idan aka kira horo na ƴan kwanaki, mai kuɗin zama, aka ce a turo malami ɗaya, wa zai je?

A nan ne sabon darekta ke faɗawa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai ya ba amininsa, wato dattijon nan, komai, don kada a ce ya canja. Sai sauran biyun su ce makaranta ta zama ta mutum biyu. Ko kuma ya hana amininsa komai, don kada a ce yana son kai. Sai aminin ya ce abota ta zame masa laifi. Duka biyun hasara ce.

Mafita ita ce ya fitar da rabon daga hannunsa, ya ɗora shi a kan ƙa'ida. Tun makon farko na watan Oktoba, kafin a san wane horo zai zo, ya tara su huɗun. Su amince da layi. Horo na farko wane, na biyu wane, na uku wane, shi darekta a ƙarshe. A rubuta a cikin littafin taron malamai, kowa ya sa hannu. Ajin zana kuma a riƙa karɓa-karɓa shekara-shekara. Tafiyar karɓar kuɗi, biyu su je wannan karo, biyu su tsaya. Dalilin yin wannan da wuri shi ne, ƙa'idar da aka kafa kafin kuɗi su bayyana kowa yana yarda da ita. Wadda aka kafa bayan an ji ƙamshin kuɗi, kowa zarginta yake yi.

Wani lokaci layin ba zai yiwu ba. Masu horon za su ce malamin aji ɗaya suke so, ba wani ba. To, darekta ya karanta takardar a gaban kowa. Ya ce ga abin da aka rubuta, ga wanda ya faɗa a kansa, kuma wanda aka tsallake shi ne na gaba. Abin da za a raba, a raba shi a fili.

Kada ku ɗauka wannan ra'ayina ne kawai. Wasu masana tattalin arziki, Emily Breza da Supreet Kaur da Yogita Shamdasani, sun gwada abin a ƙasar Indiya, a jihar Odisha, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun ɗauki ma'aikata a ƙananan wuraren sana'a. Wasu rukunoni an biya su kuɗi daidai, wasu an bambanta. Inda aka bambanta ba tare da mutane sun ga dalili ba, aiki ya ragu, fashin zuwa aiki ya ƙaru, haɗin kai ya yi rauni. Amma inda kowa yana iya gani da idonsa cewa wane ya fi yin aiki, bambancin kuɗin bai ɓata komai ba. Kun ji ko? Mutane suna iya haƙuri da fifiko. Abin da ba sa iya haƙuri da shi shi ne fifikon da ba su ga tushensa ba.

Haka abin yake ga kayan makaranta. Idan akwai abincin yara a ɗakin ajiya, ko littattafai, ko kuɗin da iyaye suka tara, kada mabuɗi ya zauna a aljihun darekta shi kaɗai. Akwai kwamitin iyaye da ke kula da makaranta, wanda muke kira Kojes. A ƙirga buhu a gabansu, a rubuta, a fitar a gabansu. Mai hassada yana bukatar duhu kafin maganarsa ta kama. Idan lissafi yana fili, ko ya faɗa ba mai ɗauka.

To, mu juya ga rabi na biyu, wato gyara.

Wata rana aminin nan zai makara. Ko ya tafi Tanut ranar Alhamis, bai dawo ba sai Talata. Yara sun zauna babu malami. Da can, su biyun suna rufa wa juna asiri. Yanzu ɗaya ne ke cika takardar da za ta je ofishin insifekta. Ina ganin nan ne wuri mafi wuya a duk maganar, kuma ba zan ce muku yana da sauƙi ba.

Abin da bai kamata ba shi ne tsawa a gaban yara, ko a gaban sauran malamai. Dattijon da aka yi wa haka a gaban ɗalibansa ba zai manta ba har ya bar aiki. Abin da kuma bai kamata ba shi ne shiru. Domin sauran biyun suna kallo. Idan aka ƙyale amini, gobe ba a da bakin yi wa kowa magana, kuma yaran talakawa ne za su biya.

Darekta ya same shi su biyu. Ya faɗi abin da ya faru, da ranarsa, ba tare da wa'azi ba. "Yaya, Litinin yaranka sun wuni babu kowa. Lafiya dai?" Ya saurara tukuna. Wataƙila mota ce ta ƙi samuwa, wataƙila kuɗin ne ba su fito ba, wataƙila rashin lafiya ce a gida. Sannan ya faɗa masa gaskiya tun kafin a kai ga takarda: "Wannan karo mun rufe. Amma in ya sake faruwa ba tare da ka sanar da ni ba, dole in rubuta, kamar yadda zan rubuta na kowa. Ba na so ranar ta zo." Wanda aka gargaɗa a asirce, ko ya ji haushi, ya san ba a ci amanarsa ba. Wanda ya tsinci sunansa a takarda ba tare da an gaya masa ba, shi ne ke cewa an soke shi ta baya. Abin da za a gyara, a gyara shi a asirce.

Yanzu bari in ɗan tsaya a kan wata al'ada da ke damuna.

Da zarar an ɗaga mutum, sai ƴan'uwa su fara ba shi shawara. Ka yi hankali da abinci. Kada ka sha shayin kowa. Akwai sammu, akwai baki. Sai ka ga mutumin da shekara da shekaru yake sa hannu a kwano ɗaya da abokansa ya koma ci shi kaɗai a ɗaki. Jama'a, janye hannu daga kwano zargi ne, ko ba a furta ba. Abokan sun gane abin da ake nufi. Wanda bai taɓa ƙulla komai a ransa ba, daga ranar zai fara. Ka yi addu'arka safe da yamma, wannan kariya ce da addini ya koya mana. Amma ka zauna inda ka saba zama. In lokacin sayen sukari da ganyen shayi ya zo kanka, ka saya. In kai ne ƙarami a fadar, ka ci gaba da zuba wa manya, ko kai ne darekta.

Haka nan karin maganar nan da muke so, hassada ga mai rabo taki ce. Gaskiya ce, amma wurin faɗinta zuciya. Idan ka rubuta ta a bayan babur, ko ka liƙa ta a wayarka mako guda bayan an naɗa ka, ta zama habaici. Mutum uku ne kawai a makarantar ban da kai. Kowannensu zai ce da shi kake.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi muhimmanci ga wanda aka ɗaga. Yaya za ka bambanta hassada da ƙorafi na gaskiya? Domin da yawa daga cikin sababbin shugabanni, duk wanda ya yi musu gyara sai su ce hassada ce. Da haka suke toshe kunnensu.

Ga ma'auni. Mai ƙorafi na gaskiya yana kama abu ɗaya. Zai ce, horo biyu a jere mutum ɗaya ya je. Abu ne mai rana, mai shaida, kuma a gabanka yake faɗa. Idan ka gyara, maganar ta mutu. Mai hassada kuwa ba ya tsayawa a abu ɗaya. Ka gyara wannan, ya koma wancan. Yau tafiyarka, gobe rigarka, jibi yadda kake gaisuwa. Kuma ba kai yake gaya wa ba, sai mai gari, sai iyayen yara, sai ƴan kasuwa. Don haka kafin ka yanke hukunci, gyara abin da aka faɗa tukuna, ka ga ko maganar za ta kwanta. Sau da yawa za ta kwanta.

In ba ta kwanta ba fa? In abin ya kai ga ɓata aiki, ana zuga iyaye su janye yara, ko ana kai ƙarya sama? A nan haƙuri kaɗai ba ya isa. A fara da wanda dukkanku kuke jin nauyinsa, limami ko wani dattijo a garin, a zauna. In bai yiwu ba, akwai mai ba malamai shawara da ke zagaya makarantu, aikinsa ne ya ji irin wannan. Kuma a yarda da abu ɗaya mai ɗaci: wata abotar ba za ta koma yadda take ba. Za ta iya komawa gaisuwa da mutunci da zuwa suna da jana'iza. Wannan ma ba kaɗan ba ne, a riƙe shi.

Ban manta da ƴan'uwanmu mata ba. Nasu ya fi nauyi. Idan aka yabi malama, ko aka ba ma'aikaciyar gidan likita shugabanci, ba a tsayawa a kan aikinta. Sai a fara tambayar wa ta sani, wa ya tsaya mata. Irin wannan magana tana isa gidan aure, tana rushe shi. Wanda ya ji ana yin ta a fada, ya tsayar da ita a wurin. Shiru a irin wannan wuri taimakon mai ƙazafi ne. Ku kuma manya masu zuwa rangadi, in za ku yaba, ku faɗi abin da kuka gani. Ku ce yaran ajinta sun iya karatu, mun gwada su. Yabon da ya ambaci aiki yana kare mai shi, kuma yana nuna wa sauran hanyar da za su bi.

Saura kalma ɗaya, ga wanda aka tsallake. Ɗan'uwa, abin da kake ji a ƙirjinka ba ya mai da kai mugu. Abin da za ka yi da shi ne ake dubawa. Idan kana ganin an zalunce ka, ƙofar insifekta a buɗe take, ƙungiyar malamai ma tana nan. Kai kukanka can, da takardunka da shekarunka. Abokinka ba shi ya sa hannu a takardar naɗin ba. Kuma ka je ka yi masa barka da bakinka, ko da zuciyar ba ta gama saukowa ba. Yawanci ƙafa ce ke fara zuwa, zuciya ta biyo baya.

Masu sauraro, lokacinmu ya yi. Wanda aka ba sabon muƙami a bana, in bai riga ya tara abokan aikinsa sun tsara layin horo da na tafiya ba, ya yi shi cikin makon nan, kafin wata takarda ta zo. Wanda kuma yake da abokin da suka daina shan shayi tare, ya leƙa shi yau bayan isha'i. Ina gaida malaman da ke cikin azuzuwan zana, da ma'aikatan gidajen likita, da masu aikin dare a matata. Allah ya sa albarka a aikinku, ya haɗa kanku.